Minti Biyu da Gaisuwar Fada

A makarantun ƙasar Ghana, da ma na yankin masu amfani da Turanci a Kamaru, akwai ranakun da ake tara iyaye da malamai da manyan gari a ƙarƙashin rumfa: ranar raba kyaututtuka, ko taron iyaye da malamai, ko bikin yaye ɗalibai. A irin wannan rana akan zaɓi ɗalibi guda a ce ya yi jawabi da Turanci, kuma akan gaya masa cewa minti biyu kacal aka ba shi. Idan ɗalibin ɗan zango ne wanda ya tashi da Hausa a bakinsa, matsalar da ke jiransa ba ta tsaya ga ƙarancin kalmomin Turanci ba. Babbar matsalar ita ce ya san yadda ake tsara magana a gaban manya, amma tsarin da ya sani ba ya shiga cikin minti biyu.

Mutane da yawa suna ganin hanya mafi sauƙi ita ce ɗalibi ya rubuta jawabinsa da Hausa, sannan ya juya shi zuwa Turanci jimla bayan jimla. Wannan hanya ce ta fi kowace kayar da yara a gaban jama'a. Daidai ne ɗalibi ya yi tunaninsa da Hausa, domin a cikinta ya fi sanin abin da yake nufi. Amma ginin jawabin, wato abin da zai zo farko da abin da za a yar da kuma tsawon kowane sashe, tilas ne a yi shi da ma'aunin lokaci da na Turanci tun daga tushe.

Kalma nawa minti biyu ke ɗauka

Kafin a rubuta ko da jimla ɗaya, ya kamata a yi lissafi. Wanda ke jawabi da Turanci a natse a gaban taro yakan faɗi kalma 120 zuwa 150 a minti ɗaya. Ɗalibin da Turanci harshe na biyu ko na uku ne a wurinsa, wanda kuma zai yi magana ta lasifika a fili, ya fi dacewa ya riƙe adadi na ƙasa, wato kalma biyu a kowane sakan. Minti biyu sakan 120 ne. Idan aka cire sakan goma domin numfashi da ɗan shirun da ake yi tsakanin sassa, saura sakan 110, wanda ya ba da kalma 220. Wannan shi ne dukan jarin da ɗalibi ke da shi, kuma bai kai cikar shafi ɗaya na littafin rubutu da layi kaɗan ba.

Kada a raina wannan adadi. Jawabin da shugaban Amurka Abraham Lincoln ya yi a Gettysburg ranar 19 ga Nuwamba 1863 kalma kusan 270 ne, kuma bai wuce kimanin minti biyu ba. Edward Everett, wanda ya yi magana kafin shi a wannan taro, ya shafe kusan awa biyu. Yau na Lincoln ake koyarwa a makarantu. Abin lura a nan shi ne gajeren jawabi yana iya ɗaukar magana mai nauyi, matuƙar magana guda ce aka ɗora masa.

Ƙirgar kuma da Turancin ake yin ta. Hausa tana da ƙananan kalmomi masu yawa, irin su ya da ta da na da da, waɗanda ake faɗa cikin ƙiftawar ido, kuma abin da Hausa ta faɗa da kalma uku Turanci kan iya buƙatar bakwai, ko akasin haka. Saboda haka rubutun Hausa mai kalma 220 ba ya tabbatar da komai game da tsawon fassararsa.

Inda gaisuwa ke cinye lokaci

Ladabin magana a wurin Bahaushe yana da tsani. Ana farawa da sallama da godiya ga Allah, sannan a gaida manya ɗaya bayan ɗaya da sarautunsu, a nemi afuwar wanda aka tsallake, a nuna cewa mai magana ƙarami ne da bai isa tsayawa a gaban wannan taro ba, sai a ƙarshe a gangaro kan abin da ya kawo mutum. Wannan tsari yana da kyau a fada da wurin ɗaurin aure, inda ba a riƙe wa kowa agogo.

A gwada shi da lissafin da ya gabata. A ce akwai manyan baƙi goma sha biyu a kan kujerun gaba: shugaban taro, shugaban makaranta, jami'in ilimi na gunduma, sarkin zango, liman, shugaban ƙungiyar iyaye da sauransu. Kowane suna da muƙaminsa da kalmar girmamawa zai ci kalma shida a Turanci. Kalma 72 ke nan, wato sakan 36. A ƙara godiya da neman afuwa, an kai sakan hamsin. Kusan rabin lokacin ya tafi, ɗalibi bai faɗi komai ba tukuna. Daga nan ɗayan abu biyu ke faruwa: ko dai ya ruga da sauran maganar har ba a jin abin da yake cewa, ko kuma mai gabatarwa ya matso kusa da shi yana nuna agogo, ya sauka bai kai ga saƙonsa ba.

Masu kare doguwar gaisuwa suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa yaron da ya tsaya gaban sarkin zango da liman bai ambace su ba ya nuna rashin tarbiyya, kuma iyayensa ne za su sha kunyar a unguwa. Wannan gaskiya ne, don haka ba a cewa a yar da gaisuwa. Abin da ake cewa shi ne a mayar da ita jimla ɗaya mai kalma ashirin. Ɗalibi ya tambayi malamin da ke shirya taron jerin manyan baƙi da yadda suke bin juna a daraja. Ya ambaci uku na farko da muƙaminsu ba tare da sunayensu ba, sannan ya haɗa sauran a rukuni: sarakuna da malaman addini, iyaye, malamai, 'yan'uwa ɗalibai. Ta haka babu wanda aka tsallake, kuma babu haɗarin kuskuren furta sunan wani babba, wanda ya fi rashin ambatonsa muni.

Ban da haka, ladabi ba a baki kawai yake ba. Ɗan rusunawa wajen kujerun manya kafin a kama makirfo yana isar da girmamawar da jimla biyar ba za su isar ba, kuma ba ya cin komai daga cikin kalma 220 ɗin. Sallama ma sakan uku ce. Kuma kafin a kira ɗalibi, shugaban taro da shugaban makaranta sun riga sun jera sunayen nan sau biyu ko uku. Maimaita su ba ya ƙara wa manyan daraja, sai dai ya ƙara musu zaman rana.

Magana guda, a aikace

A ɗauki misalin wata ɗaliba a ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare a wata unguwar zango a Kumasi. An ce ta yi magana a madadin ajinsu a taron iyaye da malamai, saura mako takwas su zauna jarrabawar kammalawa. Da ta zauna da takarda, abubuwa biyar suka zo mata: godiya ga malamai, muhimmancin ilimin 'ya mace, ƙarancin littattafai, rufin ajin da ke yoyo, da yadda talla da aikace-aikacen gida ke hana su bitar karatu da yamma. Duka biyar gaskiya ne, amma idan ta raba kalmominta a kansu, kowanne zai sami jimla biyu, kuma babu wanda zai zauna a kunnen kowa.

Hanyar zaɓe ita ce ta tambayi kanta: su wa ke zaune a gabana, kuma me za su iya yi da hannunsu bayan sun tashi daga nan? Iyaye ba su ne masu gyara rufi ba, wannan na hukumar makaranta ne. Muhimmancin ilimi kuwa babban baƙo zai yi rabin awa a kansa. Abin da ke hannun iyaye kaɗai shi ne lokacin yaransu na yamma. Nan ne jawabinta yake. Sai ta rubuta shi a jimla ɗaya da Hausa, irin wadda za ta iya gaya wa mahaifiyarta a tsakar gida: a ba mu awa biyu kowace yamma har mu gama jarrabawa. Idan ɗalibi ya kasa faɗin jawabinsa a jimla ɗaya irin wannan, to bai shirya fara rubutu ba. A wannan mataki ne Hausa ke yin aikinta mafi girma, domin mutum ba ya iya ɓoye wa kansa rashin abin faɗa a harshen uwa kamar yadda yake ɓoyewa a bayan manyan kalmomin Turanci.

Daga nan sai rabon lokaci. Gaisuwa ta ɗauki sakan goma, kalma ashirin. Buɗewa ta ɗauki sakan goma sha biyar, kalma talatin, inda za ta faɗi ko ita wace ce, da cewa saura mako takwas, da cewa ta zo da roƙo guda ɗaya. Hujja ta ɗauki sakan hamsin da biyar, kalma 110. Roƙon kansa sakan ashirin, kalma arba'in. Rufewa sakan goma, kalma ashirin. Jimilla sakan 110 da kalma 220.

Sashen hujja shi ne zuciyar jawabin, kuma a nan ne aka fi ɓata kalmomi da maganganun da kowa ya sani. Maimakon ta ce ilimi haske ne, gara ta zana musu yinin 'yar ajinsu guda ba tare da kiran suna ba: an tashi makaranta da rana, ta dawo gida ta ɗauki tire, ba ta ajiye shi ba sai bayan magariba, sannan wanke-wanke, sannan ta buɗe littafi idanu na rufewa. Idan tana son adadi, ta ƙirga da kanta: ta tambayi 'yan ajinsu su nawa ne ke fita talla ko zaman shago bayan an tashi, ta faɗi abin da ta samu. Adadin da aka ƙirga a cikin aji ya fi wanda aka aro daga wani wuri tasiri, domin iyayen da ke zaune sun san 'ya'yansu ake nufi. A cikin wannan sashe kuma ya wajaba ta saka jimla ɗaya da ke nuna ta san tallar nan ba mugunta ba ce, da ita ake cefane, da ita ake sayen littafin ma. Idan babu wannan jimla, jawabin zai zama tuhuma, kuma iyayen da aka tuhuma a bainar jama'a ba sa amsa roƙo.

Roƙon kuwa ya fito da adadinsa da iyakarsa: awa biyu, daga la'asar zuwa kusan magariba, na mako takwas kawai. Ta ƙara da abin da su ɗalibai suka ɗauka wa kansu, cewa za su yi wannan lokaci a kan littafi. Rufewa ta maimaita roƙon a taƙaice, ta yi godiya, ta tsaya. Idan akasarin iyayen Hausawa ne, babu laifi ta faɗi jimlar roƙon sau ɗaya da Hausa a ƙarshe. Sakan biyar ne, kuma kakar da ba ta jin Turanci za ta koma gida da saƙon.

Karin magana da tarkon fassara

Karin magana ado ne a jawabin Hausa, kuma yana gajarta zance domin mai sauraro ya riga ya san shi. A Turanci wannan amfani yana juyewa. A ce ɗalibar tana son ta yi amfani da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Za ta faɗe shi, ta fassara shi, sannan ta bayyana mene ne jinka ga malamin da ya fito daga wata ƙabila, da ma yaran birni da ba su taɓa ganin ana ɗora jinka a kan ɗaki ba. Sakan ashirin sun tafi a kan abin da jimla ɗaya za ta faɗa kai tsaye: ba za mu iya mu kaɗai ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Karin maganar da hotonsa ke tsayawa da kansa ba tare da sharhi ba, kamar tanƙwara icce tun yana ɗanye, ana iya shigar da shi sau ɗaya. Wanda ke buƙatar bayani a bar shi a gida.

Fassarar jimla bayan jimla tana kuma jawo nahawun Hausa cikin Turanci ba tare da mai rubutu ya lura ba. Ɗaliban Hausa sun san cewa a jimla irin Malam ya zo, ko Iyayenmu suna ƙoƙari, akwai zagin aikatau da ke biyo bayan suna, kuma jimlar ba ta tsayuwa sai da shi. Turanci ba ya maimaita wakilin suna bayan an ambaci sunan, amma mai fassara yakan ɗauko shi ya dasa. Haka kuma jinsi: makaranta da jarrabawa tamata ne a Hausa, ana ce musu ita, alhali Turanci yana da wakilin suna na daban domin abin da ba mutum ba. Sai kuma doguwar jimlar da Hausa ke ƙullawa da sai da kuma da sannan, wadda ke tafiya lafiya a kunnen Bahaushe amma ta shaƙe mai karanta ta da Turanci. Maganin duka ukun ɗaya ne: a rufe takardar Hausa, a riƙe ma'anar kowane sashe a ka, a faɗe ta da Turanci da baki, sannan a rubuta abin da aka faɗa. Duk jimlar da ba a iya gamawa da numfashi ɗaya a raba ta biyu. Duk kalmar da aka samo daga ƙamus jiya da dare a maye gurbinta da wadda harshe ya saba da ita, domin a kan irinta ake tuntuɓe.

Furuci: a gyara kalma goma, a bar sauran

Ba a sauya lafazin mutum cikin mako guda, kuma ba a bukatar haka. Abin da ake bukata shi ne a ji kalmomin da saƙon ya rataya a kansu. Kalmomin aro na Hausa suna nuna wa ɗalibi daidai inda harshensa zai zame. Fensir da fakiti da fasinja da firamare duk da harafin p suka fara a Turanci, Hausa ta mayar da shi f, domin ita ba ta bambanta sautukan biyu. A Turanci kuwa bambancin yana sauya ma'ana, kuma abin takaici, kalmomin da ke nufin iyaye da 'yan makaranta da kyautar gasa da shugaban makaranta duk da p suke farawa. Gwajin yana da sauƙi a gaban madubi: wajen p leɓɓa biyu suna haɗuwa su rufe sannan iska ta fashe, wajen f kuwa haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa.

Na biyu shi ne cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa aka cusa wasali a direba da fulawa da buroshi da gilashi. Kalmar da ta haifi gilashi gaɓa ɗaya ce a Turanci, a Hausa ta zama uku. Idan wannan ɗabi'a ta bi ɗalibi cikin jawabinsa, kalmomi suna tsawo, lissafin lokaci ya rushe, wasu kuma ba a gane su. Abin yi shi ne ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi goma mafi muhimmanci a rubutunsa, ya sa malamin Turanci ya furta masa su, ya kuma lura da gaɓar da ake dannawa a kowace, tun da Hausa da karin sauti da tsawon wasali take aiki, Turanci kuwa da ƙarfin gaɓa. Kalmar da ta ƙi zama bayan kwana biyu a canza ta da wata.

Hadda ko karatu

Yaran da suka bi ta makarantar allo suna da ƙarfin hadda, kuma kalma 220 ba komai ba ne a wurinsu. Amma haddar jawabi kalma bayan kalma tana da aibi biyu. Na farko, murya takan koma ta tilawa, ta hau ta sauka a kan kari guda, har mai sauraro ya daina jin ana yi masa magana. Na biyu, sarƙa ce: idan kalma ɗaya ta ɓace sai duk abin da ke bayanta ya bi ta, yaro ya tsaya yana kallon sama. Karantawa daga takarda kuma tana binne fuska, ta kawar da baki daga makirfo. Tsaka-tsakin shi ne a haddace gaisuwa da jimlar roƙo da rufewa har su zauna daram, sashen hujja kuwa a riƙe shi da ɗan kati mai kalma biyar ko shida da ke tuna wa mutum abin da ke biye.

Bitar a tsaye ake yin ta, da murya sama, da agogon waya a gefe, domin karatun zuci ya fi na baki sauri nesa ba kusa ba. A naɗi murya sau ɗaya a saurara. Idan gwajin gida ya kai minti biyu cif, jawabin ya yi tsawo, tun da a ranar taro akwai tafi da ƙarar lasifika da gyaran makirfo. Abin nema shi ne minti ɗaya da sakan hamsin. Idan ya wuce haka, a yanke jimla sukutum daga sashen hujja, kada a ce za a ƙara sauri. Idan kuma ya ƙare a minti ɗaya da sakan ashirin alhali kalmomin sun kai 220, alama ce ta gudu, sai a sa alamar tsayawa da biro bayan kowane sashe, musamman gab da jimlar roƙo.

Gwaji na ƙarshe ba ya buƙatar malami. Ɗalibi ya yi jawabin a gaban wani na gida mai jin Turanci daidai gwargwado, yaya ko ƙanwar uwa, sannan ya ce masa ya faɗi da Hausa abin da aka roƙa. Idan amsar ta fito daidai da jimlar nan ta farko da aka rubuta, awa biyu kowace yamma har a gama jarrabawa, jawabin ya shiryu. Idan amsar ita ce an yi magana mai daɗi a kan ilimi, to akwai sauran aiki, kuma aikin yankewa ne.